Yadda manhaja ke ƙiyasta inda take aiki ta hanyar rubutu kaɗai: bayani domin ƴan makarantun sakandare

1. Gabatarwa

Manhaja ita ce jerin umurnin da ake bai wa na'ura mai ƙwaƙwalwa ko salula domin ta yi wani aiki. Manhaja ba ta da ido, ba ta da tagar da za ta leƙa ta ga gari. Idan aka hana ta tambayar tauraron ɗan'adam, aka kuma hana ta duba adireshin layin sadarwa, abin da ya rage mata shi ne rubutun da ke gabanta. Tambayar da wannan maƙala take dubawa ita ce: salular da ke hannun wani ɗalibi a Dakwaro, cikin jihar Maraɗi, yaya manhajar da ke cikinta za ta gane cewa a Nijar take, ba a Najeriya ba, alhali Hausa ake yi a ɓangarorin iyakar biyu?

2. Rubutun da na'ura ta ajiye game da kanta

Shaida ta farko ita ce ɗan gajeren rubutun da ke cikin saitin na'ura, wanda yake nuna harshe da ƙasa. Ƙananan baƙaƙe na farko sunan harshe ne, manyan baƙaƙe na biyu sunan ƙasa ne. Misali `ha-NE` yana nufin Hausar Nijar, `ha-NG` Hausar Najeriya, `fr-NE` kuma Faransancin Nijar. A lura da girman baƙi da gurbinsa, domin `ne` a gurbin harshe yana nufin harshen ƙasar Nepal.

Wannan shaida tana da rauni, saboda mutum ne ya zaɓe ta, kuma ba ta sakewa idan na'ura ta yi tafiya. Salular da aka saita a Kano aka kawo ta Dakwaro za ta ci gaba da cewa `en-NG` har ranar da wani ya gyara. Agogo ma ba ya raba gardama, tun da Nijar da Najeriya lokacinsu ɗaya ne, wato awa ɗaya gaba da lokacin Girinic. Sai dai idan an ajiye sunan yankin, kamar `Africa/Niamey`, sunan nan shaida ne ko da awa ba ta bambanta ba.

3. Rubutun da mutum ya yi

Shaida ta biyu tana cikin abin da mai salula ya rubuta da hannunsa. A ɗauki wannan saƙo da aka shirya domin misali:

"Ƴan lakwal sunka sayi kaye goma, jikka biyu da dala ɗari, wato 2 500 F."

Akwai alamu huɗu a ciki, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Na ɗaya, baƙin ƴ mai lanƙwasa. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ita ce take amfani da shi, a Najeriya kuwa 'y ake rubutawa. Ga na'ura bambancin a fili yake, domin ƙaramin ƴ yana da lambarsa ta kansa, `U+01B4`, shi kuwa 'y alamu biyu ne a jere.

Na biyu, kalmomin aro. Lakwal da kaye daga Faransanci Hausa ta aro su. Ɗalibin Katsina makaranta zai ce, da littafin rubutu.

Na uku, lissafin kuɗi. A Nijar dala ɗaya tamma 5 ce ta kuɗin sefa, jikka ɗaya kuwa tamma 1000. Saboda haka jikka biyu da dala ɗari sun kama 2500, kuma manhaja tana iya gwada lissafin ta ga ya yi daidai da adadin da aka rubuta. Ratar da aka bari tsakanin 2 da 500 al'adar rubutun Faransanci ce. Mai bin al'adar Ingilishi waƙafi zai sa, ya rubuta 2,500.

Na huɗu, kalmar sunka. Wanda bai san karin harshe ba zai ɗauka ita ma shaida ce mai ƙarfi, amma ba haka ba ne. Sunka ta Hausar yamma ce, ana jin ta a Dakwaro da Tawa, ana kuma jin ta a Sakkwato. Suka kuwa ana jin ta a Kano da Damagaram. Ke nan wannan alama tana raba yamma da gabas, ba ta raba Nijar da Najeriya. Iyakar kari da iyakar ƙasa ba hanya ɗaya suka bi ba.

4. Yadda ake haɗa shaidu

Manhaja tana bai wa kowace alama nauyi, wato sau nawa alamar ta fi yawan bayyana a rubutun Nijar a kan na Najeriya. A aiki na haƙiƙa ana samun nauyin ne ta ƙirga alamun cikin rubuce-rubuce masu yawa waɗanda aka riga aka san asalinsu. Adadin da ke biye an zaɓe su ne domin aikin aji kawai.

Kafin a karanta saƙon, a ce rinjayen Nijar 1 ne bisa 4, tun da masu rubuta Hausa a Najeriya sun fi yawa. A ba ƴ nauyin 4, kalmomin aro 10, lissafin kuɗi 5, sunka kuwa 1, domin ba ta karkata ko'ina ba. Saitin `en-NG` yana jan ma'auni zuwa Najeriya, sai a ba shi 1 bisa 10. Daga nan sai a ninka su duka:

```
1/4 × 4 × 10 × 5 × 1 × 1/10 = 5
5 / (5 + 1) ≈ 0,83
```

Rinjayen ya zama 5 da 1, wato kusan kashi 83 cikin 100 cewa Nijar ce. Amsar ta fi son Nijar duk da saitin ya ce Najeriya, kuma ta bar gurbin kuskure sau ɗaya cikin shida.

5. Inda ƙiyasi ke ɓacewa

Kuskure na farko shi ne ƙirga shaida ɗaya sau biyu. Lakwal da kaye tushensu ɗaya ne, domin wanda ya ce lakwal da wuya ya rasa cewa kaye. Da an ba kowace nauyin 10, da rinjayen ya kai 50 da 1, wato kashi 98, alhali ba wani sabon labari da ya ƙaru. Ana gane wannan cuta idan aka gwada manhaja da saƙonni 100 waɗanda ta ce tana da tabbacin kashi 98 a kansu, sai aka tarar ta yi kuskure a 15 maimakon 2.

Kuskure na biyu ya fi girma. Rubutu yana nuna inda marubuci ya tashi ya yi karatu, ba inda na'ura take a yau ba. Idan ɗalibin ya aika saƙon nan ga kawunsa da ke fatauci a Kano, manhajar da ke salular kawun za ta karanta kalmomi iri ɗaya, ta ce Nijar take, alhali tana Kano. Haka kuma idan ɗalibin da kansa ya je hutu Jibiya da salularsa, lakwal da dala za su bi shi. Don haka manhaja mai kyau tana bambanta saƙon da aka rubuta a cikinta da wanda ya shigo daga waje, tana kuma fifita sabon rubutu a kan tsoho.

Iyaka ta uku ita ce ta faɗin yanki. Alamun nan huɗu idan an haɗa su suna nuna yankin Hausar yamma na Nijar. Ba sa iya raba Dakwaro da Madawa ko Tawa, sai idan sunan gari ko na kasuwa ya fito cikin rubutun.

6. Kammalawa

Ɗalibi yana iya gwada wannan hanya da takarda da alƙalami. Ya tara saƙonni goma na ƴan ajinsu da goma na dangin da ke ƙetaren iyaka, da izinin masu su, ya ƙirga sau nawa kowace alama ta fito a kowane tari, ya fid da nauyinta. Sa'an nan ya nemi wani ya ba shi sabon saƙo ba tare da faɗin asalinsa ba, ya ninka nauyin, ya rubuta amsarsa tare da kashi nawa cikin 100 ya amince da ita, kafin a faɗa masa gaskiya.