Yadda ake tambayar ɗan kasuwa zancen bashi

Ɗalibin digiri na biyu da ya shiga kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano ya tambayi mai shago, "Alhaji, kana cin bashi?" amsar da zai fi samu ita ce "A'a, Allah ya rufa asiri." Alhali wataƙila rabin kayan da ke jibge a shagon na babban dila ne, sai an sayar a kai kuɗi. Mai shagon bai yi ƙarya ba, a wurinsa wannan amana ce tsakaninsa da ubangidansa.

Shi ya sa masu bincike ke shirya takardar jagorar hira. Ba fom ba ce da ake cikewa da e ko a'a, kuma ba taɗi ne sakaka ba. Manyan tambayoyi ne kamar 8 zuwa 12 da za a yi wa kowa, kowace da ƙananan tambayoyin bin diddigi a ƙarƙashinta, waɗanda ake jefawa idan amsa ta zo a dunƙule.

Jerin tambayoyin shi ne ƙashin bayan aikin. Ana farawa da abin da mutum ke jin daɗin faɗa: yaushe ya fara sana'ar, wa ya koya masa, ina ya samu jarin farko. Daga nan sai a gangaro kan kaya.

A ɗauka mai sayar da kayan masarufi ce. Ɗalibin zai ce, "Hajiya, ba ni labarin sarin da kika yi na ƙarshe." Idan ta ce ta ɗauko katan 20 na taliya, sai ya bi: nawa aka biya nan take? Sauran yaushe za a kai? Farashin ɗaya ne da na wanda ya biya lakadan? Idan akwai ƙarin naira 300 a kan kowane katan, naira 6,000 ke nan, kuma shi ne tsadar bashin, ko da ba wanda ya ambaci kuɗin ruwa. Bayan haka ne zancen adashi zai shigo: zubin nawa, yaushe kwasa, ina kuɗin suka tafi. Sannan rancen 'yan'uwa, da bashin da ita ma take bin masu saye.

Zancen banki da riba a ajiye shi can gaba, kuma kada a cusa amsa cikin tambaya. Wanda aka ce wa "Saboda haramcin riba ka guji banki?" zai amsa e, ko da abin da ya hana shi rashin jingina ne. "Me ya sa ba ka nema ba?" ta fi.

Kafin a fara, dole a nemi izinin naɗar murya, a tabbatar wa mutum ba za a rubuta sunansa ba, kuma ba daga ofishin haraji ko masu rabon tallafi aka zo ba. A gwada jagorar da 'yan kasuwa biyu ko uku tukuna. Duk tambayar da ta sa suka yi shiru ko suka ba da amsa iri ɗaya a gajarce, a sake mata fasali kafin a shiga hirar gaske.