Maganin Matsi na Ƙaiƙayin Gaba: Yadda Ake Saka Shi da Dare

Wata ƙanwata ta zo min da kwalin magani a hannu, ranta a ɓace. "Yaya, wannan maganin jabu ne," in ji ta. "Sau biyu ina sayensa, ƙaiƙayin nan yana dawowa." Na karɓi kwalin na buɗe. Ƙwayoyi shida ake sakawa a ciki, uku na nan ba a taɓa su ba, robar turawar kuma tana cikin ledarta, ko yagewa ba a yi ba. Da na matsa mata da tambaya, sai ta ce da yatsa take ɗan tura ƙwayar bakin gaba bayan sallar magariba, sannan ta tashi ta kwashe tuwo, ta wanke kwanuka. Kwana uku da ta ji sauƙi ta ajiye sauran. Na ce mata maganin ba shi da laifi, ita ce ba ta ba shi damar yin aikinsa ba.

A bakin mata, kusan duk abin da ya taɓa gaba sunansa sanyi, wasu kuma su ce a bayan gida aka ɗauko shi. Amma sanyin kala-kala ne, kuma wannan maganin iri ɗaya kawai yake kashewa: wanda wata ƙwayar cuta dangin yis ɗin burodi, mai suna Kandida, ke haddasawa. Kandida tana zaune a jikin mata da yawa lafiya lau, ba ta damun kowa, sai abin da ke danne ta ya yi rauni. Shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amfisilin da amoksil yana jawo hakan, haka juna biyu, haka ciwon suga da ba a kula da shi ba. Kusan mata uku cikin huɗu sai sun gamu da shi ko sau ɗaya a rayuwa. Ba alamar ƙazanta ba ce, kuma ba a masai ake kwaso shi ba.

Alamarsa ƙaiƙayi ne mai hana sukuni, da zafi idan fitsari ya taɓa fatar waje, da farin ruwa mai kauri guda-guda kamar madarar da ta tsinke, wanda yawanci ba ya wari. Idan ruwan tsararo ne mai ƙarni kamar na kifi, ko kore-kore mai kumfa, to wata cutar ce daban, kuma ko kwali goma aka matsa ba za ta tafi ba. Saboda haka macen da ba ta taɓa yin irinsa ba, gara ta bari ma'aikaciyar lafiya ta duba kafin ta je kemis.

Maganin da aka fi samu a wurarenmu shi ne kulotirimazol. Ƙwayarsa ta matsi tana zuwa da ƙarfi uku: mai miligiram 100 ana saka ɗaya kowane dare har dare shida, mai miligiram 200 dare uku, mai miligiram 500 kuwa sau ɗaya tak. Akwai kuma na shafawa da ake ɗurawa ciki, kimanin giram 5 a kowane sakawa, wanda yawan kwanakinsa ya danganta da ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalin. Nistatin, tsohon magani, ya fi su jan lokaci, yakan kai mako biyu. Na ƙanwata mai 100 ne, ke nan rabin magani ta yi ta tsaya.

Me ya sa sai da dare? Dalilin ba shi da nisa. Wannan magani ba ya bin jini ya zagaya jiki kamar na sha. Inda ya taɓa nan yake aiki. Ƙwayar tana buƙatar damshin ciki ta narke a hankali, ta bazu a jikin bangon farji, ta zauna awanni. Macen da ke tsaye ko tana kai-komo, abin da ya narke gangarowa zai yi ya ƙare a kamfai. A kwance kuwa ba shi da inda za shi. Don haka lokacinsa shi ne bayan an yi isha'i, an rufe ƙofa, yara sun yi barci, an yi fitsarin ƙarshe, babu sauran abin da zai tayar da mutum. Daga ƙarfe goma zuwa kiran asalatu an sami wajen awa bakwai, kuma sun isa.

Ga yadda na koya mata. Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke wajen da ruwa zalla ki tsane. Robar turawar kamar sirinji take marar allura: akwai bututu, akwai sanda a cikinsa. Ki ja sandar baya har ta tsaya, ki ɓare ƙwayar da busasshen hannu, domin jiƙaƙƙen hannu yana sa ta fara marmashewa tun a waje, sannan ki dasa ta a bakin bututun ta zauna daram. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki buɗe su. Ki riƙe bututun da babban yatsa da na tsakiya, ɗaya hannun ki buɗe wajen, ki zura a hankali.

Nan ne mafi yawa ke kuskure, don haka bari in tsaya a kai. Hanyar farji ba miƙe take zuwa cibiya ba. Ta karkata ne zuwa baya, wajen ƙugu. Idan kika nufi sama, robar za ta tokari bangon gaba ki ji zafi, ki ɗauka nan ne iyaka alhali ko rabi ba ki kai ba. Ki nufi bayanki, kamar mai saitin ƙashin gadon baya na ƙasa, ki saki jiki, ki fitar da numfashi, za ki ji ta wuce sumul. Ki tura iyakar inda ba ki jin ciwo, ba da ƙarfi ba. Daga nan sai ki riƙe bututun kada ya motsa, ki danna sandar da manuniya har ƙarshe, ki zaro robar gaba ɗaya. Ƙanwata ta tambaye ni, "To Yaya, idan ta wuce cikin cikina fa?" Ba za ta wuce ba. Zurfin wajen bai wuce kimanin tsawon yatsa ba, kuma bakin mahaifa ya toshe ƙarshensa. Ƙofar fitsari ma daban take, ƙarama ce a sama, robar ba ta shiga can.

Idan na shafawa ne, sai a huda bakin tulun maganin da tsinin da ke bayan murfinsa, a ɗaura robar a kai, a matsa daga gindi har sandar ta taso ta kai alamar da aka yi. Sauran duk ɗaya ne. Wasu robobin sau ɗaya ake amfani da su a yar. Wadda ake maimaitawa kuwa a zare sandar, a wanke su biyun da sabulu da ruwa mai ɗumi, a shanya su bushe. Ban da tafasasshen ruwa, yana lanƙwasa roba. Kuma roba ba a ba da aronta, ko ga 'yar'uwa ko ga abokiyar zama.

Da safe za ki ga wani farin abu kamar alli a kamfai ko a audugar mata, shi ya sa yake da kyau ki kwana da ƙunzugu marar kauri. Kada ki ɗauka ciwon ne ya ƙaru, ragowar maganin ne. Amma idan gutsattsarin ƙwayar kike gani da taurinsu, ba su narke ba, to ɗayan biyu ne: ko ba ta kai ciki sosai ba, ko wajen ya bushe da yawa, abin da kan faru ga matan da suka daina al'ada. Irin waɗannan na shafawa ya fi dacewa da su. Wajen tsarki kuma a tsaya a waje. Zura yatsa a ƙwaƙulo "dattin" kwashe maganin ne da hannunki, kuma zama cikin ruwan bagaruwa ko alif ko ruwan gishiri a kwanakin nan ba abin da yake ƙarawa sai raɗaɗi a fatar da ta riga ta yi ja.

Ɗan zafi-zafi na 'yan mintoci bayan an saka ba abin tsoro ba ne, musamman a daren farko da wajen yake a sosse. Wanda ake dakatar da magani saboda shi shi ne zafin da ke ƙaruwa, ko kumburi, ko ƙuraje su feso. Ƙaiƙayin waje, wanda shi ya fi addabar mutum, ƙwayar ciki ba ta saurin kai masa. Ana shafa man kulotirimazol kaɗan a fatar waje sau biyu ko uku a rana tare da matsin.

Sauƙi yakan fara zuwa cikin kwana uku, kuma a daidai nan ne ƙanwata ta faɗa rami. Ƙaiƙayi yana lafawa tun kafin Kandida ta gama raguwa yadda ake so. Ita mai 500 da ake sakawa sau ɗaya, an ba ta ƙarfin da za ta ci gaba da aiki kwanaki a ciki, amma mai 100 lissafinta na dare shida ne. Idan kin manta dare ɗaya, ki ci gaba washegari, kada ki haɗa biyu. Sannan ki duba kwanan watanki kafin ki fara, domin jinin al'ada yana wanke ƙwayar; gara a gama kafin ya zo.

Akwai maganar maigida. A haƙura da kwanciyar aure har a gama, don wajen ya warke kuma maganin ya zauna. Waɗanda ke tazarar haihuwa da kwaroron roba su sani cewa maiƙon waɗannan magunguna yana raunana robar har ta iya fashewa, kuma hakan yakan ɗauki 'yan kwanaki bayan an gama. Shi mijin ba ya buƙatar magani sai idan shi ma yana jin ƙaiƙayi ko ya ga ja a gabansa.

Mai juna biyu nata daban ne. Kada ta sayi maganin da kanta, ta faɗa a wajen awo. Yawanci matsin kusan mako guda ake ba ta, a ce ta tura da yatsa mai tsabta maimakon roba don kada a tokari bakin mahaifa, kuma ba a ba ta ƙwayar fulukonazol ta sha. Budurwar da ke tsoron zura wani abu ita ma kada a tilasta mata ko a bar ta da ciwo saboda kunya. Likita na iya ba ta na sha da na shafawa a waje. Wani abin kuma da na ga ya faru: ƙwayar matsi ta yi kama da ta sha, har wata ta kora ta da ruwa saboda mai kemis ya ji nauyin yi mata bayani. Ba a haɗiye ta. A lokacin zafi kuma a ajiye kwalin a inuwa, nesa da murhu da taga, domin nau'in mai laushi kamar kitse yana narkewa tun a cikin takardarsa.

Ƙanwata ta sayi sabon kwali, ta yi dare shida cif da robar, a kwance, kuma ba ta sake kawo min ƙara ba. Amma na gaya mata abin da zan gaya miki: idan kin cika kwanakin yadda ya kamata, mako ya zagayo ba sauƙi, ko abin ya dawo sau huɗu a shekara, ko ya zo da zazzaɓi, ciwon mara, gyambo ko zubar jini, kada ki ƙara sayen wani kwalin. Ki je asibiti a ɗebi ruwan a gwada, ki kuma ce a auna miki suga.