Yadda waƙafi ɗaya ke mayar da ban haƙuri ya koma cin fuska

A ce kai mai zana tambari ne, kana kuma kula wa 'yan kasuwa da shafukansu na sada zumunta. Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya ba ka aiki, kuka shirya zama ranar Talata ƙarfe 11 na safe don ka nuna masa samfuri. Sai da yamma ka tuna, domin Laraba ka rubuta a wayarka. Alhaji ya zauna jiranka ana tsaka da ciniki har ya gaji. Yarjejeniyar aikin ta imel kuka yi, ɗansa mai riƙe masa lissafi ma yana ganin saƙonnin, don haka washegari da safe ka buɗe waya ka rubuta wannan cikin sauri:

"Masoyi Alhaji

Ina rubuto maka ne domin, in ba da haƙuri a kan rasa taronmu na jiya. Ban zo ba, don ban damu da aikinka ba. An samu ruɗani a kan lokaci kuma na kira yaronka, Alhaji bai ɗauka ba. Ina ba da haƙuri game da duk wani rashin jin daɗi da hakan ka iya haifarwa. Idan ka amince gobe, zan zo da samfurin. Ina sa ido in ji daga gare ka."

Niyyarka mai kyau ce. Matsalar ita ce Alhaji ba ya ganin niyya, rubutu yake gani. Da baki kuka yi magana, muryarka za ta nuna masa inda ka tsaya da inda ka ci gaba, fuskarka kuma ta cike sauran. A imel, waƙafi da aya ne kaɗai ke yi maka wannan aikin, kuma a saƙon nan sun yi maka aika-aika a wurare uku.

Fara da jimla ta biyu, wadda ita ce mafi muni: "Ban zo ba, don ban damu da aikinka ba." Sake karanta ta a hankali, ka ɗan tsaya a wurin waƙafin. Ka ji abin da ka ce wa mutumin? Ka faɗa masa cewa dalilin rashin zuwanka shi ne aikinsa bai dame ka ba. Abin da kake nufi kuwa akasin haka ne. Jimlar da ke ranka tana da "ba" guda biyu a jere, ɗaya mai rufe "ban zo", ɗaya mai buɗe "ba don". A baki sukan haɗe su zama kamar guda, sai hannu ya bi kunne ya rubuta ɗaya kawai. Daidai ita ce: "Ban zo ba, ba don ban damu da aikinka ba." Waƙafin ya zauna tsakanin "ba" ɗin biyu, yana raba su. Duk lokacin da ka haɗa korewa da dalili a jimla guda, ka ƙirga "ba" ɗinka kafin ka tura, don a nan ma'ana ta fi saurin kifewa.

Na biyu shi ne maganar kiran waya: "na kira yaronka, Alhaji bai ɗauka ba." Wa ya ƙi ɗauka? Yadda aka rubuta, Alhaji ne. Kai kuwa kiran sunansa ka yi a tsakiyar magana don girmamawa, yaron shago ne bai ɗauki waya ba. Sunan wanda kake yi wa magana, idan ya faɗo tsakiyar jimla, waƙafi biyu yake buƙata, ɗaya gabansa ɗaya bayansa: "na kira yaronka, Alhaji, bai ɗauka ba." Da zarar na bayan ya faɗi, sunan ya daina zama kira, ya koma mai aikata abin da ke biye. Ga mutumin da ka shanya awa guda, ga kuma saƙonka yana cewa shi ne bai ɗauki waya ba. Haba.

Na uku ya fi sauƙin wucewa ba a lura ba. "Idan ka amince gobe, zan zo da samfurin" na nufin goben ta amincewarsa ce: ya kwana yana tunani, in ya yarda gobe, kai kuma ka zo wata rana da ba a faɗa ba. Matsar da waƙafin baya da kalma ɗaya: "Idan ka amince, gobe zan zo da samfurin." Yanzu goben ta zuwanka ce. A jimlar da ta fara da "idan", waƙafin yana zama daidai inda sharaɗin ya ƙare, kuma kalmar lokaci irin su gobe, jibi ko anjima tana bin ɓangaren da ka ajiye ta. A saƙon da gaba ɗaya a kan ɓata lokaci yake, barin rana cikin duhu kuskure ne mai tsada.

Shi kuwa waƙafin da ke bayan "domin" a layin farko bai canza ma'ana ba, tuntuɓe kawai yake sa mai karatu. Ba wanda ke numfashi tsakanin "domin" da "in ba da haƙuri". Cire shi.

To, ko da ka gyara duk waƙafan nan, saƙon bai zama Hausa ba tukuna. Da Turanci aka yi tunaninsa, sannan aka juye shi kalma bayan kalma, kuma kunnen Bahaushe yana jin haka nan take. "Masoyi" ba ta da wurin zama a nan. Kalmar da Turawa ke buɗe wasiƙa da ita ta riga ta zama al'ada a wurinsu, ba ta ɗauke da wata soyayya, amma tamu tana nan da nauyinta. Dattijo mai sa'ar mahaifinka, sallama ake yi masa. "Rasa taronmu" ma haka: ana rasa kuɗi, ana rasa ɗan'uwa, amma zama ba a rasa shi, rashin zuwa ake yi. Kuma mutum biyu a shago ba taro ba ne, zama ne ko ganawa. "Ina sa ido" kuwa ta fi ba ni dariya, domin sa ido a wurinmu aikin 'yan gulma ne da jami'an tsaro. Kana jiran amsa, to ka ce kana jiran amsa.

Akwai jimloli biyu da matsalarsu ta wuce fassara. "An samu ruɗani a kan lokaci": wa ya ruɗe? "An" ɗin nan mafaka ce, kuma kwastoma ya san mafaka ce. Shi bai ruɗe ba, yana shagonsa ƙarfe 11. Mai karanta wannan zai iya ɗauka kana raba laifin gida biyu ne, rabi naka rabi nasa. Sai kuma "duk wani rashin jin daɗi da hakan ka iya haifarwa", wadda ke magana kamar har yanzu ana shakkar ko an ɓata masa. An ɓata masa, kuma ka san da me: lokacin cinikinsa. Ambaci abin da sunansa. A ganina wannan ya fi kowane "don Allah" guda goma tasiri, saboda yana nuna ka san girman abin da ka jawo.

Ga saƙon bayan gyara. A gurbin Subject ka rubuta abin da za a gane tun kafin a buɗe: "Ban haƙuri kan zamanmu na Talata da neman sabon lokaci".

"Assalamu alaikum, Alhaji.

Ina ba ka haƙuri kan rashin zuwana zaman da muka shirya jiya Talata, ƙarfe 11 na safe, a shagonka. Laifina ne. Laraba na rubuta a wayata maimakon Talata. Na san ka bar ciniki ka zauna jirana, kuma ban kyauta ba.

Samfurin tambarin guda uku sun kammala, na haɗa su da wannan saƙo don ka duba. Idan ka amince, zan zo gobe Alhamis ƙarfe 11 na safe, ko Asabar bayan la'asar. Idan duka biyun ba su yi maka ba, ka sa lokacin da ka ga dama, zan zo. Zan kira ka kafin in taso.

Ina jiran amsarka. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Sai sunanka da lambar wayarka a ƙasa.

Ka lura jimloli biyun da muka sha wahalar gyarawa ba su ma shiga ba. Maganar "ba don ban damu ba" ta fita, domin Alhaji bai ce ba ka damu ba, kai ne za ka dasa masa tunanin. Samfurin da ka haɗa da saƙon ya riga ya faɗi haka ba tare da surutu ba. Maganar yaron shago ma ta fita. Ko da waƙafanta biyu a daidai, ƙarshenta dai jefa yaro cikin faɗan maigida ne kan kuskuren da ba nasa ba, kuma shi ne za ka tarar a bakin shago ranar Alhamis. Haƙurin sau ɗaya aka bayar, a layin farko, dalilin kuma jimla ɗaya ce. Idan ka fara jero cunkoson hanya, rashin caji da matsalar sabis, saƙon ya tashi daga ban haƙuri ya koma kare kai. "Gobe" kuma ta samu abokiyar tafiya, wato Alhamis, saboda ba ka san ranar da zai buɗe imel ɗin ba. In sai washegari ya gani, "gobe" ita kaɗai ta koma wata rana daban.

Wani zai ce ai Alhajin Kwari ba ya ƙirga waƙafi. Gaskiya ne, ba zai ce maka ka sa shi a inda bai dace ba. Zai dai ji saƙon ya sosa masa rai, ko ya tambayi ɗansa, "Wai me yaron nan yake nufi?" Kuma ka tuna irin aikin da kake nema a hannunsa: kai ne za ka riƙa rubuta tallar shagonsa duniya ta karanta.

Kafin ka danna Send, karanta saƙon da ƙarfi, ka tsaya a duk inda ka ga waƙafi, kada ka tsaya inda babu shi. Duk wurin da bakinka ya so tsayawa rubutu bai tsaya ba, ko rubutu ya tsaya bakinka bai so ba, nan gyara yake. Duba haruffa masu ƙugiya ma, don "fada" daban "faɗa" daban, kuma Gboard yana da allon Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ. Idan da Gmail kake aiki, bayan ka tura za ka ga Undo na ɗan lokaci a ƙasan allo, kuma daga kwamfuta za ka iya shiga Settings ka ƙara wa'adin daga daƙiƙa 5 zuwa 30. Imel ɗin kuma ba ya maye gurbin murya. Dattijo irin wannan, ka kira lambarsa shi kansa a ranar da abin ya faru, ka ba shi haƙuri da bakinka, sannan saƙon ya biyo baya ɗauke da samfurin da ranakun da ka ba shi ya zaɓa.