Allura ɗaya, sakamako biyu: me ya sa alƙaluman rigakafi ke canzawa bayan gwaji?

A watan Nuwamba na 2020 kamfanonin Pfizer da BioNTech suka sanar cewa allurarsu ta korona tana ba da kariya kashi 95 cikin 100. Shekara guda da 'yan watanni bayan haka, masu bincike a Ingila suka auna allurar nan a cikin jama'a, suka tarar kariyarta daga rashin lafiyar da nau'in Omikron ke haddasawa ta sauka ƙasa da kashi 10 ga wanda ya yi wata shida da karɓar allura ta biyu. Mutane da yawa suka ce ashe an yaudare su. Ba a yaudare su ba. Alƙaluman biyu duk gaskiya ne, sai dai kowanne tambaya dabam yake amsawa.

Mu fara da yadda aka samo kashi 95. An ɗauki mutum sama da 43,000 aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka yi musu allurar gaske sau biyu, kwana 21 tsakani, rabi kuma aka yi musu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce ya samu. Daga kwana bakwai bayan allura ta biyu aka fara ƙirga waɗanda suka yi rashin lafiya, gwaji kuma ya tabbatar korona ce. Aka samu mutum 170: 162 daga 'yan ruwan gishiri, 8 daga masu allurar gaske. Tun da rukunin biyu kusan kai ɗaya suke, da allurar ba ta aiki da su ma masu ita an samu kusan 162 a cikinsu. Ke nan ta kare 154 daga cikin 162, wato kashi 95.

A lura, wannan ba ya nufin biyar cikin kowane ɗari da aka yi wa allura za su kwanta. Ma'anarsa, haɗarin mai allura ya ragu da kashi 95 idan aka gwada shi da na marar allura, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya.

Ƙuri'ar nan ita ce ƙarfin gwaji, domin ita ke sa rukunin biyu su yi kama da juna a shekaru da lafiya da hali, ya zamana allura ce kaɗai bambancinsu. Amma gwaji gonar gwaji ce: taki a kan kari, ban-ruwa a kan kari. Ba a sa masu ciki ba, ba a sa waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana ba, kuma a lokacin da aka fitar da sakamakon, bibiyar da aka yi wa mahalarta ba ta wuce kimanin wata biyu ba. Wata biyun farko kuwa su ne lokacin da garkuwa take kan ganiyarta.

Da allurar ta fito, labarin farko ya yi daɗi. A Isra'ila, farkon 2021, an gwada mutum kusan 600,000 masu allura da marasa allura masu yawa da kamanni irin nasu, aka samu kashi 94. Daga nan abubuwa biyu da gwaji bai gani ba suka shigo. Na farko lokaci, domin garkuwa na raguwa da tafiyar watanni. Na biyu ƙwayar cutar kanta, wadda ta sauya kama zuwa Delta, sannan Omikron, alhali an ƙera allurar ne a kan nau'in farko.

Akwai kuma abin da mai karatu ya kamata ya riƙa tambaya duk sa'ad da ya ji adadi: kariya daga me? A Katar, cikin 2021, kariya daga kamuwa da cutar ta faɗo zuwa wajen kashi 20 bayan wata biyar zuwa bakwai, amma kariya daga ciwo mai tsanani da mutuwa ta tsaya sama da kashi 90. Wanda ya ɗauki adadin farko ya yi shela da shi, ya bar na biyu, ya cuci masu sauraronsa, domin na biyun shi ne ke raba mai mura a gida da wanda aka kwantar yana neman numfashi.

Shi kansa awon cikin jama'a ba a yin sa da ƙuri'a. Hanyar da aka fi bi ita ce a duba waɗanda suka zo gwaji da alamun ciwo, a ware waɗanda aka samu da cutar da waɗanda ba a samu ba, sannan a ga nawa ne masu allura a kowane ɓangare. Dabara ce mai kyau, amma tana da rauni. Idan akasarin marasa allura sun riga sun kamu sun warke, su ma sun samu garkuwa, sai tazarar ta ragu, allura ta zama kamar ta yi sanyi fiye da yadda take. Idan kuma masu zuwa karɓar allura su ne dama masu kula da lafiyarsu, sai ta zama kamar ta fi ƙarfinta.

Dalilin da ya fi kusa da mu, wanda kuma yake hannunmu, shi ne yadda allura ke isa jikin yaro. Akasarin alluran yara ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Zafi na kashe ta kyanda, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, in ta kai awa shida sai a zubar. Ƙanƙara kuwa tana lalata ta penta, har abada. Kwalaben na ɗauke da wata 'yar alama, murabba'i mai haske a cikin da'ira: in murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, kwalbar ta sha zafi, ba a amfani da ita. Inda firji ya kwana babu wuta, ko aka yi wa yaro allura ɗaya bai dawo ba, abin da ya samu ya sha bamban da abin da aka gwada. Allurar kyanda a wata tara tana kare kimanin yara 85 cikin 100, shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15.

Wani lokaci kuma aikin cikin jama'a kan zarce abin da gwaji zai iya nunawa. A ƙarshen 2011 an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 allurar sanƙarau a yankuna uku na Chadi. A bazarar da ta biyo, sanƙarau a yankunan ya yi ƙasa da kashi 94 idan aka gwada da inda ba a yi ba. Allurar ta kusa share ƙwayar daga maƙogwaron mutane, don haka har wanda ba a yi wa ba ya rasa mai shafa masa.

Saboda haka idan aka ce maka allura kaza tana da kashi kaza, tambayi a ina aka auna, a kan su wa, wata nawa bayan allura, kuma kariya daga me. Ke kuma uwa, duba katin yaronki yau. In da allurar da ta rage, kai shi a cike masa.