Yadda GPU 256 ke koyar da manhaja ɗaya

A shekarar 2017 masu bincike na kamfanin Facebook, da Priya Goyal a kan gaba, suka horar da manhajar gane hotuna mai suna ResNet-50 cikin awa ɗaya. Aikin nan kan ci awa 29 a kan GPU takwas. Su kuwa GPU 256 suka jera. GPU ita ce 'yar na'urar da ke cikin kwamfuta wadda ta ƙware wajen yin lissafi mai yawa a lokaci guda.

Irin wannan manhaja tarin lambobi ce, ita ResNet-50 tana da kusan miliyan 25. Akan nuna mata ƙunshin hotuna, ta yi hasashe, a auna kuskurenta, sannan a lissafa gyaran da kowace lamba ke buƙata. Idan GPU na da yawa, kowace takan riƙe cikakken kwafin manhajar, hotunan ne ake rabawa, 32 ga kowace.

Tun da hotunan sun bambanta, gyaran da kowace ta fitar ma daban ne. In kowace ta bi nata, kafin a ankara an sami manhaja 256 da ba su san juna ba. Dole a tsaya a kan gyara guda kafin a motsa. A ce GPU huɗu sun ba da 0.2 da 0.6 da −0.4 da 0.8 a kan wata lamba. Jimillarsu 1.2, a raba huɗu, 0.3. Da ita dukansu za su yi aiki, kwafin ya ci gaba da zama iri ɗaya.

Tura komai ga na'ura guda ta tara cunkoso zai haifar, domin gyaran kowace GPU ya kai kusan megabayit 100. Sananniyar dabara ita ce a jera su kamar da'ira. Kowace ta yanka gyaranta kashi huɗu, ta miƙa wa ta gabanta kashi ɗaya, ta karɓi wani daga ta bayanta ta haɗa da nata. Bayan miƙo uku, kowace na riƙe da jimillar kashi guda. Wani miƙo uku kuma ya isar da jimillolin ga kowa. Ko GPU nawa ne, abin da kowace ke aikawa bai kai ninki biyu na gyaranta ba. Wannan aiki shi ne `all_reduce`. Aibinsa shi ne GPU ɗaya mai nawa takan tsayar da sauran duka.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne girman taku, wato `lr`, lambar da ake ninka gyara da ita kafin a cire shi. Da taku 0.1, gyaran 0.3 ɗin can zai rage 0.03 ne kawai. To, rumbun ImageNet na da hotuna kusan miliyan 1.28. Da GPU takwas, ainihin ƙunshi hoto 256 ne, bita ɗaya ta rumbun kuma taku kusan 5,000. Da GPU 256 ƙunshi ya koma 8,192, takun bita ɗaya ya sauko zuwa wajen 156. Mai tafiyar da aka rage wa yawan taku sau 32, in bai faɗaɗa ƙafa ba, dare zai yi masa a hanya. Shi ya sa suka ninka `lr` sau 32, daga 0.1 zuwa 3.2.

```
lr = 0.1 * (8192 / 256)
```

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne matsakaicin hotuna dubbai ya fi na ɗaruruwa nutsuwa, kuma muddin lambobin ba sa sauyawa da sauri, babban taku ɗaya kusan daidai yake da ƙanana 32. Amma a farkon horo lambobin na sauyawa da gaggawa, sharaɗin bai cika ba. Sai suka fara da 0.1, suna ɗagawa sannu a hankali har 3.2 cikin bita biyar na farko daga cikin 90. Wanda ya tsallake wannan ɗumamawa yakan ga ma'aunin kuskure ya yi tsalle sama, wani lokaci allo ya nuna masa `NaN`.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. `DistributedDataParallel` na PyTorch matsakaici yake ɗauka, amma `all_reduce` tsura jimilla yake bayarwa in ba a ce masa komai ba. Wanda ya yi aiki da jimilla, takunsa ya riga ya ninku da yawan GPU. In ya ƙara ninka `lr`, sau biyu ke nan ya yi abu ɗaya.

Dokar ma tana da iyaka. A gwajin na 2017, da ƙunshi ya wuce 8,192 sai ingancin manhajar ya soma raguwa. Sannan an gwada ta ne da tsarin gyara na SGD; masu amfani da Adam da dama sukan ɗaga `lr` ƙasa da haka: in ƙunshi ya ninku sau 16, su ninka taku sau huɗu, sannan su gwada su gani.