Wasiƙar Mai Takaba: Abin da Ramatoulaye Ta Gani da Abin da Ya Ɓoye Mata

A shekarar 1979 wata malamar makaranta 'yar Senegal, Mariama Bâ, ta fitar da ɗan siririn littafi da Faransanci mai suna Une si longue lettre, wato doguwar wasiƙa. Shekara ɗaya bayan haka ya ci kyautar Noma. Daga farkonsa har ƙarshe mace ɗaya ce ke magana, Ramatoulaye, uwar 'ya'ya goma sha biyu, tana zaune cikin takabar mijinta Modou Fall a Dakar, tana rubuta wa aminiyarta Aissatou da ke Amurka.

Dabarar marubuciyar ta fara ne daga zaɓen lokaci. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma na zaman gida, ga kaɗaici, ga tunani. Saboda haka ba wanda zai tambayi ina uwar gida mai ɗawainiya ta samu sukunin cika takardu masu yawa haka. Sa'an nan wadda ake rubuta wa ƙawar ƙuruciya ce, wadda ba a ɓoye mata komai. Mai karatu sai ya ji kamar ya tsinci wasiƙar da ba tasa ba ce ya buɗe. Ƙananan abubuwa su ne ke ƙara masa wannan ji: yadda dangin miji suka raba kuɗin gaisuwa, bashin da aka gano lokacin lissafin gado, da ranar sadakar arba'in da Tamsir, yayan mamacin, ya ce zai aure ta. Tana rubuta wasu abubuwan ne suna cikin faruwa, ita kanta ba ta san yadda za su ƙare ba.

Amma idon da ya kai mai karatu cikin ɗakin shi ne kuma ya tsare shi a ciki. Labarin Binetou ya nuna haka sarai. Yarinyar ƙawar Daba ce, babbar 'yar Ramatoulaye, tana zuwa gidan suna karatu tare. Daba ta gaya wa mahaifiyarta cewa wani dattijo mai kuɗi yana saya wa Binetou tufafi, iyayenta kuma na matsa mata ta aure shi. Ramatoulaye ta tausaya, ba ta kawo komai a ranta ba. Sai ranar da liman da Tamsir da Mawdo, aminin mijinta, suka yi sallama suka shaida mata an ɗaura, ango kuwa Modou ne. Abin da ta sani, a ranar da ta san shi, shi kaɗai take iya bayarwa. Yadda Modou ya fara neman yarinyar, me suka ce wa juna, me ya ji a zuciyarsa da zai bar matar da suka yi shekara ashirin da biyar tare, duk wannan ba ya cikin littafin, domin ba ta wurin.

Modou ya riga ya mutu kafin a fara rubutun, ba shi da bakin kare kansa. Binetou ma ba a taɓa jin cikinta ba. Ana ganinta ne kawai ta idon kishiya, wadda takan tausaya mata a matsayin yarinyar da kwaɗayin uwa ya ci, amma dai kishiya ce. Mai karatu mai lura dole ya riƙa auna kowace magana, kamar alƙalin da ya ji ɓangare ɗaya.

Akwai wurin da ɗinkin ke fitowa fili. Ramatoulaye ta zauna tana ba Aissatou labarin auren Aissatou ɗin da Mawdo, yadda surukarta ta raina ta don 'yar maƙeran zinariya ce, ta rena ƙaramar Nabou ta ba ɗanta, da yadda Aissatou ta kwashe 'ya'yanta huɗu ta fita. Har takardar rabuwar da Aissatou ta bar wa Mawdo ta maimaita mata. Wa zai gaya wa mutum abin da ya fi kowa sani? Gaskiyar ita ce mai karatu ake gaya wa. Mariama Bâ ta rufe wannan ɓaraka da sigar tuna baya irin ta aminai, kuma ta yi nasara sosai, ko da yake mai kaifin ido zai hango hannunta.

Amsar Aissatou ba ta cikin littafin. Ana ganin halinta ta aikinta, kamar motar da ta saya wa ƙawarta da ta ji tana fama da motocin haya. Ko ta yarda da zaman haƙurin da Ramatoulaye ta zaɓa, ba a ji daga bakinta ba. Wasiƙar ta tsaya ne ana gobe Aissatou za ta sauka Dakar.