Maƙoƙon da gishiri ba ya warkarwa: yadda ido da ƙwauri ke tona shi

Wani matashi ɗan Karofane da ke ci-rani a Abijan ne ya fara lura, a kiran bidiyo, cewa idanun yayarsa sun firfito kamar wadda ta razana. A gida, cikin gundumar Bouza ta jihar Tahoua, an fi wata shida ana ganin matar, mai shekara 32, tana ramewa duk da yawan cin abinci. Hannunta na rawa, zuciyarta na bugawa sama da 110 a minti, tana gumi ko a sanyin hunturu. Da wuyanta ya kumbura, sai aka ce maƙoƙo ne, a nemo gishiri mai aidin.

Gishirin bai yi komai ba, domin ciwonta ba na ƙarancin aidin ba ne. Likitocin Nijar na kiransa cutar Basedow, na Najeriya kuma cutar Graves, daga sunayen Robert Graves da ya bayyana ta a 1835 da Karl von Basedow a 1840.

A gaban wuya akwai wata tsoka da ake kira tayirod, wadda sinadarinta ke tsara saurin aikin jiki. Wani saƙo daga ƙwaƙwalwa, TSH, ke umartarta ta yi aiki ko ta sassauta. A wannan cuta, garkuwar jiki kan ƙera sinadaran da ke maƙalewa a gurbin da TSH ke sauka, su riƙa zaburar da tsokar ba hutu.

Irin wannan gurbi yana cikin naman bayan ido da fatar ƙwauri. Shi ya sa naman ke kumbura ya turo ido waje, ya hana fatarsa rufuwa, wani lokaci mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Shan taba na tsananta wannan. A wasu kaɗan, fatar ƙwauri kan yi kauri kamar ɓawon lemu, kuma ko an danna ba ta lotsawa. Maƙoƙon ƙarancin aidin ba ya kawo waɗannan alamu.

Da ƙanin ya aiko kuɗi, an kai ta Yamai gwajin jini. TSH ya faɗi ƙasa warwas, T4 ya hau, gwajin TRAb kuma ya tabbatar da cutar. Aka ɗora ta kan karbimazol, wanda ake sha wata 12 zuwa 18, da furofaranolol don rage bugun zuciya.

Likita ya gargaɗe ta da abu biyu. Idan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka zo, ta dakatar da karbimazol ta je awon jini a ranar, domin yakan karya fararen ƙwayoyin jini. Idan kuma tana shirin ɗaukar ciki, ta fara sanar da shi, don a sauya magani.

Bayan wata biyu rawar hannu ta tsaya, ta fara ƙiba. Idanun dai ba su koma ba tukuna, domin su sukan ɗauki lokaci. Kusan rabin masu cutar takan dawo musu bayan gama magani, shi ya sa ƙanin bai daina ware kuɗin gwaji ba.